Ruwa ya sake shiga fitilar tsaron ƙofar gidana: laifin fitilar ne ko na wayarin?

Baban_Ilham_Tumfure
Assalamu alaikum jama'a. Masu ilimin wuta a taimaka mini. Ina da fitilar tsaro mai wat 50 a bangon gidana na gabas, tana haska get da inda nake aje mota. Wadda aka fara sawa damina ɗaya ta yi ta mutu. Na sayi sabuwa, kwalinta an rubuta IP65, mai shago ya ce ko a kogi aka jefa ta ba abin da zai same ta. To ga shi tun ruwan da aka yi daren Juma'a ina ganin ruwa kwance a ƙasan gilashin, tana kyaftawa, kuma da an kunna ta bireka ta faɗi. Yaron da ya yi aikin ya ce jabu aka sayar mini. Kafin in sake zuba kuɗi ina son in san gaskiya.

Sarkin_Yaƙin_Bolari
Wa alaikumus salam. Jabu ce Alhaji, kar ka wahalar da kanka. Yanzu duk kwalin da ka ɗauka IP65 ne, wani ma IP67 zai rubuta maka, ai buga rubutu ba ya ci musu kuɗi.

Oga_Wayarin_Pantami
Wa alaikumus salam Alhaji. Abu na farko, a bar kunna ta, a kashe birekar layin, kar a riƙa mayar da ita ana gwadawa. Jikin fitilar nan ƙarfe ne, in ruwa ya haɗa shi da layif, wato wayar da ke ɗauke da wuta, duk wanda ya taɓa get ɗin ko bangon da ya jiƙe yana cikin haɗari. Sai in tambaye ka abu uku. Wayar fitilar ta ina ta fito daga jikinta, ta sama ko ta ƙasa? Wayar da ta kawo mata wuta daga ina ta taho, daga rufi ta sauko ko daga ƙasa ta hau? Sannan inda aka haɗa su biyun, a cikin me yake?

Baban_Ilham_Tumfure
Oga na fita na duba. Wayar daga cikin silin ta fito, ta ƙarƙashin kwano, ta sauko a miƙe kan bango kamar mita ɗaya da rabi. Farar waya ce mai faɗi irin ta cikin gida. Wayar fitilar kuma baƙa ce gajeriya, ta saman fitilar ta fito. An haɗa su an naɗe da baƙin salatif, haɗin yana bayan fitilar a waje.

Oga_Wayarin_Pantami
To shi ke nan, an gano ɓarawon. Alhaji ko wace irin fitila ka sa a wannan wurin a haka, ruwa zai shige ta. Duk ruwan da ya bugi bangon nan ya taɓa wayar, binta zai yi har ƙarshenta, ƙarshenta kuwa bakin fitilar ne. Kuma bangon gabas ka ce. Kowa a garin nan ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa, da iska yake zuwa, ruwan a kwance yake dukan bango, ɗan bakin kwanon da ya leƙo ba ya kare komai.

An kuma kifa fitilar. Yawancinsu an ƙera su ne wayar ta fito ta ƙasa ko ta baya daga ƙasa. Abin da ke faruwa shi ne yaro zai ɗaure ƙarfen riƙon a bango, ya zo karkata fitilar ta kalli ƙasa sai ya ga ta ƙi, ko ya ga wayar ba ta kai ba, sai ya juya ta gaba ɗaya don wayar ta yi kusa da wadda ta sauko daga sama. Aiki ya yi masa sauƙi, amma bakin da ya kamata ya kalli ƙasa ya koma yana kallon sama yana tarar ruwa.

Shi kuma salatif ba maganin ruwa ba ne. Zafin Maris da Afrilu na Gombe kaɗai ya isa ya narkar da gam ɗinsa, kafin ruwan farko ya sauka ya riga ya saki. Ruwa ya shiga haɗin, daga nan ya bi ta cikin wayar kanta, tsakanin siraran jan ƙarfen, ya gangara har cikin fitilar ba tare da ya taɓa robar bakin ba. Wannan ita ce hanyar da mutane ba sa yarda da ita sai an feƙe musu wayar sun gani.

Sarkin_Yaƙin_Bolari
Oga ban ƙi maganarka ba, amma in IP65 ɗin gaske ce ai ko ta ina ruwa ya zo bai kamata ya shiga ba. Mene ne amfanin lambar kenan?

Malam_Fizis
Sarkin Yaƙi, lambar tana da iyaka. Shidan farko na ƙura ne, wato ƙura ba ta shiga. Biyar ɗin na ruwa ne, kuma abin da take nufi an fesa mata ruwa da tiyo ta kowane ɓangare na ɗan lokaci bai yi mata illa ba. Ba a ce ruwa ya kwanta a bakin wayarta dare guda ba, ba a kuma ce a jefa ta kogi ba. Wadda ake tsomawa a ruwa ita ce mai bakwai, ita ma mita 1 ne na minti 30. Kuma gwajin jikin fitilar ake yi wa, ba haɗin da yaronka ya naɗe da salatif ba.

Akwai kuma abin da Oga bai faɗa ba. Fitilar tana numfashi. In ta sha rana ko ta daɗe a kunne, iskar cikinta ta yi zafi ta kumbura ta ɗan fita. Ruwan sama ya sauko mata kwatsam, ta huce, iskar ta tsuke, sai ta zuƙo daga waje. In busasshiyar iska ce a bakin, ita za ta zuƙa. In ruwa ne kwance a wurin, shi za ta zuƙa. Shi ya sa ɗigo kaɗan kowane hadari yake taruwa har ka ga layin ruwa a gilashi.

Ɗan_Kumo
Ni dai shawarata mai sauƙi ce. A sayi silikon kwalba ɗaya a bi duk bakin gilashin da bakin wayar da kan notuna a shafe. Haka na yi wa tawa, shekara biyu kenan lafiya lau.

Oga_Wayarin_Pantami
Ɗan Kumo, taka a ƙarƙashin baranda take ko a fili?

Ɗan_Kumo
A ƙarƙashin baranda take gaskiya.

Oga_Wayarin_Pantami
To baranda ce ta yi maka aiki. Silikon yana da wurinsa, zan faɗa, amma ba a jikin fitila ba. Ba ya kama robar waya da kyau, bayan rani ɗaya sai ya ɗan ɗago, ruwa ya shiga ta tsagar, kuma yanzu ka toshe masa hanyar fita. Sannan mai arahar nan da ke warin tsami in ka matsa shi, tururinsa yana cin jan ƙarfe. In za a sa kusa da waya, mara warin ake nema. Wasu fitilun masu kyau kuma suna da ɗan maɓalli a baya da aka yi don iska ta wuce ruwa bai wuce ba. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka rami ne ya liƙe shi.

Hajiya_Mai_Kaji
Sallama. Ni ma abin da ke damuna kenan a gidan kajina a hanyar Dukku. Tawa ta sola ce, tun da damina ta kama ba ta kai ƙarfe biyun dare sai ta mutu. Ruwa ne ya shige ta?

Sola_Jekadafari
Hajiya naki daban ne. In tana kamawa da magariba lafiya sai tsakar dare ta mutu, caji ne bai ishe ta ba, ko batirin ya gaji. A Agusta rana ba ta samuwa sosai, kuma a duba ko kashin tsuntsu da ƙura sun rufe fanel ɗin. Amma maganar Oga ta shafe ki ta wuri ɗaya: wayar da ta taho daga fanel zuwa fitila ita ma daga sama take saukowa. Wurin da ake murɗa su a haɗe kar a bar shi yana reto ruwa na bin sa, kuma wayar ta ɗan sauka ƙasa da fitilar kafin ta hau ta shiga.

Hajiya_Mai_Kaji
Na gode ɗana, zan sa yara su hau su goge.

Baban_Ilham_Tumfure
Oga Wayarin, na fahimci ciwon. Yanzu in zan kira wani ya sake aikin, me zan tsaya a kai in ga an yi? Ba na son a sake yi mini dabara.

Oga_Wayarin_Pantami
Madalla Alhaji. Kafin kowa ya hau tsani a kashe babban makunni, a tabbatar janareta da inbata ba sa kan layin, a gwada da testa. Kar a ce ai an ɗauke wuta, ba ta sallama in za ta dawo.

Da farko maganar waya. Farar mai faɗin nan ta tsaya a cikin gida. Abin da zai fita waje zagayayyiyar waya ce mai ƙwaya uku, baƙa mai jikin roba in an samu, don farar tana bushewa ta tsattsage a rana. Kauri ba shi ne matsala ba, wat 50 a kan wuta 230 ko rubu'in amfiya ba ta ja, saboda haka 1.5 ta isa har ta yi yawa. Dalilin zagayayyiya shi ne gilan. Gilan shi ne ɗan notin roba da waya ke ratsawa, in ka murɗa shi robar ciki ta shaƙe wayar ta ko'ina. Robar zagaye take, in ka zura mata waya mai faɗi za ta kama gefe biyu ta bar ƙofa biyu.

Sai haɗi. Wayar da ke zuwa da fitilar gajeriya ce, kuma kar a buɗe fitilar don a sa doguwa, yawancin na yanzu a liƙe suke, in an buɗe ba sa komawa daidai. A sayi ƙaramin akwatin roba na waje mai roba a bakin murfinsa. A huda shi ta ƙasa kawai, huda biyu, gilan biyu, ɗaya na wayar gida ɗaya na wayar fitila. Ba ta sama ba, ba ta gefe ba. Gilan mai lamba PG11 yana kama waya daga mili 5 zuwa 10, zai dace da kowace ɗaya daga cikinsu. Rigar wayar ta waje dole ta shige cikin gilan har ta leƙo a cikin akwati, ba a feƙe ta tun daga waje a zura ƙwayoyin tsirara ba. A murɗa da hannu sai ya tsaya, a ƙara kaɗan da filaya, sannan ka sa hannu ka ja wayar da kanka. In ta zame, ba a gama ba. A ciki a haɗa da kanekta, ruwan ƙasa da ruwan ƙasa, shuɗi da shuɗi, mai kore da rawaya da ɗan'uwansa. In wayar gidanka tsohon launi ce, ja shi ne layif, baƙi nutural. A ɗaga kanektocin sama a cikin akwatin, kar su kwanta a gindinsa.

Sai babban abin, wanda ko kwabo ba ya ci: kowace waya kafin ta shiga akwati ko fitila, ta fara sauka ƙasa da bakin da za ta shiga, ta lanƙwasa, sannan ta hau. Zurfin lanƙwasar kamar santimita 10 zuwa 15. Ruwan da ya biyo ta zai taru a gindin lanƙwasar ya ɗiga ƙasa, ba ya hawa tudu. A kafa kilif a gefen da ta sauko don iska kar ta miƙar da ita. Masu son aiki ya yi tsaf suna jan waya ta miƙe ƙyam don kyau, ni ina ganin miƙaƙƙiyar waya a bakin fitila na san za a kira ni a watan takwas.

Ita fitilar a kwance notunan gefe a juya ta a cikin ƙarfen riƙonta, wayar ta koma ƙasa, sannan a karkata fuskarta ta kalli tsakar gida.

In an gama, wuta na kashe, ka ba shi buta ya hau ya zuba ruwa a kan wayar daga sama. Ka tsaya ka ga inda yake ɗiga. In a gindin lanƙwasa ne, ka biya shi.

Magini_Arawa
Oga ka bar mini nawa ɓangaren. In ta bango za a fito da wayar maimakon ta silin, hudar kar ta zama a miƙe. Bakin waje ya fi na ciki ƙasa, ko da yatsa ɗaya ne a kaurin bulo inci 9. Kuma bulonmu rami ne a ciki, in ka zura waya haka kawai ruwa zai bi ta ya zuba a cikin bulon, bayan wata biyu ka ga fenti yana kumbura a ɗaki ka rasa dalili. A sa guntun fayif mai mili 20 ya ratsa bangon, waya ta bi ta ciki, a toshe bakin waje. Nan ne wurin silikon ɗin Ɗan Kumo. Sannan a daina kafa ƙarfen fitila da ƙusar kankare. A huda a sa fisha da sukuru, kuma a nemi inda bulon yake da ciko, in ba haka ba iskar farkon damina za ta girgiza ta har ta yi lako-lako.

Ɗan_Kumo
Alhamdu lillahi, ashe dai silikon ɗina bai faɗi ƙasa banza ba.

Abu_Sadiq_Fada
Ni duk wannan lanƙwashe-lanƙwashen ban yi ba. Fayif na sa tun daga sama har bakin akwatin, waya ba ta ganin ruwa sam. Ai ya fi tsafta, kuma ɓarayin waya ba sa samun ta da sauƙi.

Oga_Wayarin_Pantami
Fayif yana da kyau Abu Sadiq, yana kare waya daga rana. Amma ka sani fayif ɗin waje ba ya rabuwa da ruwa, ko ta wurin haɗi ya shiga ko gumi ya taru a ciki. In ya sauko daga sama ya shiga akwati ta ka, ka yi wa akwatin indararo. Ya wuce ta gefen akwatin ya sauka ƙasa da shi, ya ƙare bakinsa na kallon ƙasa, wayar ta fito ta lanƙwasa ta hau cikin gilan. Ka je ka buɗe murfin naka bayan an yi ruwa ka ba mu labari.

Injiniya_Yelwa
Gaisuwa daga Bauchi. Na yarda da Oga a komai sai abu ɗaya da bai ambata ba. Ni kowane akwatin waje na sa, sai na yi masa 'yar huda mili 3 a gindi. Duk yadda ka rufe shi gumi zai taru, gara ya samu hanyar fita.

Oga_Wayarin_Pantami
Injiniya da gangan na bar ta. Na san ana yi, wasu akwatunan ma da alamar wurin hudar suke zuwa. Amma a nan abin da na gani, hudar nan kafin wata uku zanzaro ya liƙe ta da laka, ko tururuwa su mayar da akwatin gida. Da hunturu kuma ƙura ta shiga ta kwanta a kan kanekta, damina ta zo ta jiƙa ta. In gilan biyu suna ƙasa kuma murfi ya zauna, ni ban ga buƙata ba.

Injiniya_Yelwa
Zanzaro ya liƙe, ka koma inda kake kai da ba ka huda ba, ba ka yi asara ba. Amma ranar da robar murfi ta bushe, nawa zai zubar, naka zai cika.

Malam_Fizis
Ku biyun a akwati kuke magana ko? Don kar wani ya karanta ya ɗauki na'ura ya huda fitilar kanta.

Injiniya_Yelwa
Akwati kawai Malam. Fitila ba a huda ta.

Ummu_Khairat
Don Allah tambaya. Tamu da safe gilashin yana yin hazo, in rana ta fito sai ya washe. Ita ma ta lalace kenan? Mai sansa ce, mai kamawa in mutum ya gifta.

Malam_Fizis
Hazon da ke washewa da rana gumi ne, yawanci ba ya kashe fitila nan take. Abin tsoro shi ne ruwan da ya kwanta ya yi layi a ƙasan gilashi, ko tabon ƙasa-ƙasa da ya bushe a wurin, ko wasu ƙwayoyin hasken sun yi baƙi. Ki duba sansar tana rataye a ƙasan fitilar. In tana sama, an kifa taku ita ma, kuma ta wuyan sansar ruwa ya fi saurin shiga.

Sarkin_Yaƙin_Bolari
Duk na ji, amma har yanzu ina nan a kan bakana, akwai jabu a kasuwa. Na taɓa riƙe wata, robar bakin wayar da yatsa na juya ta. Wata kuma waya biyu ce kawai ta fito, jikin ƙarfe amma babu ta at, wato mai kore da rawayan nan da ke kai wuta ƙasa.

Oga_Wayarin_Pantami
Wannan gaskiya ne Sarkin Yaƙi, kuma mai jikin ƙarfe da waya biyu ni ba na sa wa mutum ita. Sai dai gidaje nawa ne a garin nan at ɗin nasu yake aiki? Sau da yawa za ka ga koriyar wayar an yanke ta an jefar a bayan fitila. Birekar Alhaji da take faɗuwa ma alheri ce, wani gidan ba abin da zai faɗi sai dai yaro ya taɓa get ya yi ƙara. Wanda zai iya, ya sa mai kare mutum ɗin nan da aka rubuta 30mA a jikinta a layin fitilun waje.

Baban_Ilham_Tumfure
An sauke ta yanzu da yamma. Da aka warware salatif ɗin ruwa ne ya zubo, jan ƙarfen ya yi kore. Mun feƙe baƙar wayar fitilar har kusa da jikinta, duk ta yi baƙi a ciki, ba inda yake ƙyalli. Oga, in na shanya ta a rana kwana biyu za ta tashi, ko in haƙura?

Oga_Wayarin_Pantami
Da baƙin ya tsaya a rabi, sai in ce a yanke har inda jan ƙarfe yake ƙyalli a yi amfani da sauran. Tunda ya kai jikinta kuma har tana kayar da bireka, ni ba zan mayar da ita bango ba. Ita ma farar wayar a yanke ta baya sosai, ruwan yana ɗan hawa ta nan ma.

Sola_Jekadafari
Kar ka jefar Alhaji, ka kai wa masu gyara su duba. Wani lokaci ƙwayoyin hasken lafiyarsu ƙalau, ɗan allon wutar ne ya ƙone. Ko ba ta koma waje ba za ta yi aiki a gareji.

Magini_Arawa
Kuma tunda za a sake hudar bango, a duba tsayin. In ta yi ƙasa da mita 3 a kan titi, ba ruwa ne zai ɗauke maka ita ba.

Abu_Sadiq_Fada
Oga na buɗe nawa. Akwai ruwa kamar rabin kofin shayi a ciki, bai kai ga kanekta ba tukuna. Ramin saman da fayif ya shiga, da me zan toshe shi in na mayar da wayar ta ƙasa, ko sai na sayi sabon akwati?